Bakalori ce ko Goronyo? Yadda ake gane ƙasa daga hoton tagar jirgi

Alhazan Zamfara sun daɗe suna tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, kuma kusan duk wanda ya dace da kujerar taga yakan dawo da hotuna a waya. A ciki ba a rasa guda da ke jawo musu a majalisa: ga ruwa shimfiɗe a can ƙasa, ga wani kore a gefensa, sauran ƙasar kuwa ja ce fayau. Mutumin Ƙauran Namoda zai rantse Bakalori ce, na Shinkafi ya ce Goronyo ce, wani kuma ya ce ai tafkin Cadi ne. Ana iya raba wannan gardama da hujja, domin bakin ruwa da tsarin noman rani suna da siffofin da ba sa ɓuya. Gari yakan yi kama da gari idan an hango shi daga sama, daji ma haka, amma da wuya a sami gaɓar ruwa biyu masu zubi ɗaya.

Kafin a dubi ƙasar, sai a fara tambayar hoton abin da ya riƙe game da kansa. Waya tana ajiye ranar ɗauka da minti, wani lokaci har da wurin, tunda na'urar gane wuri takan yi aiki kusa da taga ko an kashe layi. Sai dai hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan zubar da waɗannan bayanai a hanya, don haka na cikin wayar mai ɗauka ake nema. Akwai kuma tarkon agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma wayar da aka rufe wa layi a Jidda tana nan a kan agogon Jidda har sai ta kama layin gida. Jirgin fasinja a sama yana cin kusan kilomita 14 a minti guda, saboda haka kuskuren awa biyu ya isa ya ɗauke mutum daga Zamfara ya kai shi tsakiyar Cadi.

Abu na biyu shi ne ɓangaren da aka zauna. Fitilar bakin fiffiken dama koriya ce, ta hagu ja. Idan fitilar ba ta fito ba, fiffiken kansa yana magana: injin yana leƙowa ta gabansa, kuma fiffiken yana karkata baya. Wanda ya zauna bayan fiffike a tagar dama zai ga fiffiken a hagun hotonsa, domin gaban jirgi yana hagunsa. Da an san ɓangare an san rabin amsa. Jirgin da ya nufi yamma, tagarsa ta dama arewa take kallo.

Wasu sukan dogara da inuwa don gane arewa, kuma a ƙasarmu nan ne ake zamewa. Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi suna tsakanin digiri 12 da rabi zuwa 13 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta saman kanmu daidai a ƙarshen Afrilu, ta sake bi a wajen 20 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu tana arewa da mu da tsakar rana, inuwa tana faɗuwa kudu. Hajjin 2023 da na 2024 da na 2025 duk a watan Yuni aka yi Arfa. Ƙa'idar da ake karantawa a littattafan Turai, cewa inuwar azahar arewa take nufa, za ta juya wa mutum taswira a irin waɗannan hotuna. Inuwar hantsi da ta la'asar sun fi aminci: yamma da safe, gabas da yamma.

Sai batun nisa, wanda ido ba ya iya kimantawa daga sama. Daga tsayin mita 11,000, iyakar gani tana kaiwa kusan kilomita 370 idan sarari ya yi tas, ko da yake ƙura ba ta barin a ga komai sosai bayan kilomita 100. Abin da ke ƙarƙashin jirgi daidai ba a ganinsa ta taga. Wanda ya manna goshi da gilashi ya leƙa ƙasa, abin da yake gani yana nesa a gefe da kwatankwacin tsayin jirgin, abin da ke tsakiyar taga kuwa ya ninka haka sau biyar ko fiye. Shi ya sa maganar "mun bi ta kan garinmu, na gan shi" ba ta cika tsayuwa ba. Idan ka ga garinku da kyau, to ba ta kansa kuka bi ba, ta gefensa ne.

Wannan hange na karkace yana matse siffa. Ɗauki faifai ka riƙe shi a gaban fuska, sannan ka kwantar da shi sannu a hankali: faɗinsa daga hagu zuwa dama bai canja ba, amma daga sama zuwa ƙasa yana ta tsukewa har ya koma siriri. Haka tafki yake yi. Ruwan da ke nisan kilomita 30 daga jirgin da ke tsayin mita 4,500 yana matsewa zuwa kusan kashi ɗaya cikin bakwai na ainihin zurfinsa a hoto. Tafki mai faɗi sai ya fito kamar dogon gulbi. Saboda haka awon da ya bi hagu da dama shi ake amincewa da shi, na sama da ƙasa kuwa sai an miƙe shi a zuci.

Zamfara ba ta da teku, amma tana da gaɓa iri biyu, kuma kowace da tata shaida. Ta farko ita ce ta gulabe. Gulbin Gagare yana bi ta Ƙauran Namoda ya nufi arewa, gulbin Bunsuru yana gangarowa daga ƙasar Katsina ta Zurmi, su haɗu a yankin Shinkafi da Isa, ruwansu ya zama na Rima. Da rani ba ruwa ake gani a cikinsu ba, yashi ne fari sol mai lanƙwasa, kuma shi ya fi komai haske a hoto. A kudu, wajen Ƙaura, ƙasar dutse ce, gulbin yana tafiya a matse, ga duwatsu tsaitsaye nan da can irin na Kwatarkwashi. Da an yi arewa aka shiga ƙasar yashi da laka, sai kwarin ya buɗe, fadama ta yi faɗi, gulbi ya riƙa yawo a cikinta yana barin tsofaffin hanyoyinsa a matsayin tafkuna masu lanƙwasa. Wanda ya ga fadama mai faɗin kilomita da dama ya san ya wuce Ƙaura ya yi arewa. Ita Ƙaura tana da alamar da babu irinta a yankin: layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso ta a 1929, kuma nan ya tsaya. Siririn layi da ya zo daga kudu ya ƙare a gari kusa da gulbi, ba tare da ya wuce gaba ba, ya isa shaida.

Noman ranin waɗannan gulabe na manomi ne da injin ban-ruwansa da 'yar rijiyarsa a fadama. Fangalin albasa ko na tumatir ya yi ƙanƙanta a gan shi daga sama. Abin da ke fitowa shi ne kore mai dabbare-dabbare, manne da yashin gulbi, yana lanƙwasa inda gulbi ya lanƙwasa, yana yankewa inda ruwan ƙasa ya yi nisa. Ba shi da layi miƙaƙƙe ko ɗaya.

Gaɓa ta biyu ita ce ta madatsar ruwa, kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce. Tafkin da ɗan Adam ya tare yana da gefe guda miƙaƙƙe, shi ne bangon, sauran gefunan kuwa rassa ne da suka shiga cikin ƙoramu. Ruwa yana bayan bango, kore yana gabansa. Da ka gane bango ka gane inda gulbi ya dosa, kuma wannan kaɗai yana raba madatsun yankin. Ta Jibiya a jihar Katsina tana kan gulbin Gada, wanda ke gangarawa arewa ya shiga Nijar ya zama gulbin Maraɗi, don haka bangonta yana arewa da ruwan. Bakalori tana kan gulbin Sakkwato a ƙasar Maradun, kimanin kilomita 45 yamma da Ƙaura, kuma gulbin a nan arewa maso yamma yake nufa. Goronyo tana kan Rima, inda gulbin ya riga ya juyo kudu maso yamma zuwa Wurno da Sakkwato.

Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginawa a 1978, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinta yana rufe kusan hekta 8,000, ya miƙa baya kimanin kilomita 19. An tsara ta ne don shayar da hekta 23,000. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi bore, wanda aka murƙushe da asarar rayuka a Afrilun 1980, kuma sawun wancan sabon rabon ƙasa shi ne abin da ake gani daga sama har yau. Gonakin ba manne da bango suke ba. Babbar hanyar ruwa ce ke ɗaukar ruwan ta yi tafiya da shi, sannan a wajen Talatar Mafara zuwa Bakura ya rarrabu cikin filaye masu kusurwa huɗu, jere a kan layuka miƙaƙƙu da hanyoyin mota a tsakani. Titin Gusau zuwa Sakkwato yana ratsa yankin. Goronyo kuwa, da aka gama a 1984, ta ninka Bakalori ruwa, fiye da kubik mita miliyan 900, amma bangonta gajere ne a tsayi, dogo a shimfiɗe, ya haura kilomita 12. Wato tana cikin kwari mai faɗi da ba shi da zurfi, ruwanta a baje yake, kuma idan ya ja baya da bazara yakan bar fili mai yawa a gefe wanda ake nomawa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce alhaji ya dawo daga Umrar azumi a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe kuma kore ba ya fitowa sai inda ake ban-ruwa. A hotonsa bayan fiffike yana hagu. Can sama kusa da inda ƙasa ta haɗu da sarari ga ruwa dogo siriri, ƙarshensa na hagu a yanke yake tsaf, na dama a warwatse. Daga yankakken gefen wani kore mai faɗi ya gangaro hagu. Wayar ta ce ƙarfe 5:40 na yamma, shi kuma ya tuna sun sauka Sakkwato ana shirin la'asar, wajen 3:55.

Agogon Jidda ne a wayar, don haka a cire awa biyu: 3:40, minti 15 kafin sauka. A wannan zangon jirgi ya rage gudu, yana cin kilomita 6 zuwa 7 a minti idan aka daidaita, wato yana nesa da fili da kilomita 90 zuwa 105. Matuƙa sukan sauko da kusan mita 1,000 a kowace kilomita 18, don haka tsayinsa bai wuce mita 5,000 ba sosai. Wannan ya fitar da tafkin Cadi da Jibiya daga lissafi. Amma bai raba gardamar ba, domin Goronyo tana kimanin kilomita 90 daga filin jirgin, Bakalori kuma kimanin 115, kuma lissafinmu bai kai kaifin da zai bambanta su ba.

Sai a koma ga ɓangare. Fiffike a hagu, ana bayansa, tagar dama ke nan. Hanya mafi gajarta daga Jidda zuwa Sakkwato, kusan kilomita 3,700, tana shigowa ta kusa da Maraɗi, ta bi tsakanin Sabon Birni da Isa, ta bar Shinkafi a hagu. A kan wannan layi Goronyo tana dama da kusan kilomita 30, Bakalori kuwa tana hagu da kusan 80. Jirgin da ya taso daga Kano a miƙe ma, wanda ke bi kusan ta saman Ƙaura, a hagu yake barin Bakalori. Hujja ta karkata ga Goronyo, amma kada a yi saurin rufe magana. Jirage ba zaren da aka ja a taswira suke bi ba, suna da hanyoyinsu na sama, kuma tun da yaƙi ya rufe sararin Sudan a Afrilun 2023 jiragen alhazai suka riƙa kewayawa. Jirgin da ya ɓullo ta kudu da Gusau zai iya barin Bakalori a dama, kuma a nan ma bangon zai fito a hagun hoto.

Abin da ke yanke hukunci shi ne inda koren ya nufa da irin zubinsa. Mai kallon Goronyo daga kudu zai ga fadamar Rima ta fito daga bango ta yi hagu tana matsowa kusa da shi, zuwa ƙasan hoto, domin gulbin da jirgin duk Sakkwato suka dosa. Koren kuma na fadama ne, mai faɗi, gulbi yana lanƙwasa a tsakiyarsa, da ɗan yankin gonaki masu layi kusa da madatsar. Mai kallon Bakalori daga kudu zai ga akasin haka: koren yana guje masa zuwa saman hoto, akwai tazara tsakaninsa da bango, kuma gefunansa a yanke suke kamar an sa ma'auni. A misalinmu koren ya gangaro hagu zuwa ƙasa kuma yana manne da bango. Goronyo ce, kuma siririn da ta yi matsewar hange ce kawai.

Wanda yake son tabbaci sai ya buɗe Google Earth, ya tsaya kilomita 30 kudu da madatsar, ya kwantar da kallon zuwa arewa har siffar ta dace da hoton. Abu uku ake so su dace a lokaci guda, kamar ƙarshen bango da wata lanƙwasar gulbi da wani gari. Abu guda da ya yi kama ba hujja ba ne, domin ido yana ganin abin da zuciya ta riga ta zaɓa. A kuma duba ranar hoton tauraron. Na Oktoba zai nuna tafki cike, na Mayu ya nuna shi a tsuke da farin gefe. Ga kuma abin takaici na wannan zamani: a sassan Zurmi da Shinkafi akwai gonakin da rashin tsaro ya sa aka daina zuwa, don haka wurin da tsohon hoto ya nuna kore yana iya zama fari a sabo.

Sauran hotunan tafiyar ma da wannan ma'auni ake karanta su. Tafkin Cadi ba shi da gefe miƙaƙƙe ko ɗaya. Ya tsuke daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, kuma gefensa na gabas cike yake da tsibirai dogaye masu fuskantar wuri guda, tsofaffin tuddan yashi ne da ruwa ya shiga tsakaninsu. Nilu a arewacin Sudan siririn kore ne a tsakiyar sahara, ba shi da rassa masu shigowa. Kudu da Khartoum, tsakanin Nilu biyu, akwai gonakin Jazira da madatsar Sennar ta 1925 ke shayarwa, filaye dogaye sirara jere da juna har iyakar gani. Hausawa da yawa suna zaune a wannan yanki, a garuruwa irin su Mai Wurno, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 da ta alhazan da suka yada zango.

Da'irori kore a tsakiyar hamada kuwa aikin dogon bututu ne mai tayoyi, da ke kewaya rijiya a tsakiya yana yayyafi. Ana ganinsu a Tabuk da Ha'il da Wadi Dawasir a Saudiyya, da Kufra a Libiya, da kudancin Masar. Suna da amfani biyu ga mai nazarin hoto. Yawancinsu faɗinsu tsakanin mita 800 ne zuwa kilomita guda (mai bututun mita 400 tana shayar da hekta 50), don haka ana iya auna komai na kusa da su. Kuma tunda an san da'ira ce cikakkiya, yawan matsewar da ta yi a hoto yana faɗin karkatar hangen: wadda tsayinta ya zama rabin faɗinta, nisanta a gefe bai kai ninki biyu na tsayin jirgin ba.

A Bahar Maliya tambayar ita ce wane gefe ne. Gaɓar tana tafiya daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas a duka ɓangarorin, kuma duka suna da murjani da ke sa ruwan bakin gaɓa ya yi shuɗi mai haske kafin ya faɗa cikin mai duhu. Saboda haka launi ba ya raba su. Rana ce ke rabawa: idan hoton na safe ne, ƙyallinta yana kan teku, tudu kuma yana tsakaninka da ƙyallin, to tudu yana yamma, gefen Afirka ke nan. Daga nan sai a nemi mashigai. Sawakin, tashar da kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suke hawa jirgin ruwa, tana da siririyar mashiga da ta buɗe ta zama kewayayyen ruwa da ɗan tsibiri a tsakiya, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. A gefen Jidda, arewa da gari, mashigar Ubhur ta kutsa cikin tudu wajen kilomita 10, kuma kusa da ita ake hango farin rufin tantunan tashar alhazai da aka buɗe a 1981. A wannan daidai faɗin tekun kusan kilomita 200 ne, minti 15 na tafiya, don haka hotuna biyu na gaɓa da tazararsu ta kai haka a agogon waya kusan tabbas na gefe biyu ne daban.

Lokacin ɗauka yana iya hana duk wannan aiki. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shafe ƙasa, har Goronyo ba ta fitowa daga kilomita 30. A Agusta da Satumba komai kore ne, gonar rani ba ta bambanta da gonar gero, gajimare kuma yana jefa inuwa mai duhu da sabon ido zai ɗauka tafki ne. Ana gane ta da cewa kowace inuwa tana da gajimarenta mai siffa ɗaya a gefen da rana take, kuma ba ta da bango. Hoto mafi sauƙin karantawa a arewacin Zamfara shi ne na bayan hazo ya lafa kafin ruwan farko, wato Maris da Afrilu, daga tagar da rana ba ta dukanta.